Ciwon kan da ke tasowa bayan Azahar: amsa ga mai shagon buga takardu

"Likita, shekaruna 43, ina da shagon buga takardu a Tudun Wada nan Kaduna. Tun safe har Magariba ina gaban kwamfuta, in na koma gida kuma sai waya. Wajen wata biyar ke nan, kullum bayan Azahar goshina yake fara nauyi, kafin La'asar kai ya ɗauka. Na sayi gilashin kwamfuta a kasuwa, an liƙa +2.50 a jikinsa, mai sayarwa ya ce yana tare hasken da ke lalata ido. Rubutu ya ƙara fitowa, amma ciwon ya ƙaru, yanzu har ƙeya. Hasken ne ke kashe min ido, ko gilashin ne ba mai kyau ba?"

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka cire hasken daga zargi tukuna. Hasken kwamfuta da na waya ba ya ƙona ido, ba ya makantarwa, kuma ranar da kake shiga daga ƙofar gida zuwa shago ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da na fi zargi a bayaninka abu biyu ne da suka haɗu: shekarunka, da lambar da ke liƙe a gilashin nan. Ban duba idonka ba, don haka ba zan rubuta maka lamba daga nan ba, amma akwai lissafin da za ka iya yi da kanka a shago da tef ɗin tela, kuma shi zai nuna maka inda matsalar take.

A cikin ido, bayan baƙin nan da kake gani a madubi, akwai wani ɗan madubi mai laushi, da tsoka zagaye da shi. In kana kallon nesa, tsokar a sake take. In abu ya matso, dole ta ɗaure domin madubin ya ƙara kumbura ya fito da abin da kake kallo. Iya kusancin abu, iya ɗaurewar da za ta yi. Muna auna wannan aikin da irin lambar da ake rubutawa a gilashi, kuma lissafinsa ba wuya: ka raba 100 da tazarar da ke tsakanin idonka da abin, a santimita. Fuskar kwamfuta da ke santimita 65 tana neman lamba ɗaya da rabi. Wayar da ka riƙe a santimita 33 tana neman lamba uku. In ka kwanta ka jawo ta santimita 25, lamba huɗu ke nan. Abin da ke mita shida ko fiye kuwa kusan ba ya neman komai.

Yaro ɗan shekara goma yana da ajiyar da ta wuce lamba goma sha biyu, shi ya sa zai manna littafi a hanci ya karanta ko a jikinsa. Ajiyar nan tana raguwa kowace shekara, saboda madubin yana ƙara tauri, kuma babu wanda wannan ke tsallakewa. A shekara 43, abin da ya rage wa yawancin mutane bai wuce lamba huɗu zuwa biyar ba. Sai dai ido ba ya iya wuni yana aiki da duk ajiyarsa. Abin da yake iya riƙewa na sa'o'i ba tare da ƙorafi ba kusan rabinta ne, wato lamba biyu ko biyu da ɗan wani abu. Ka ɗauki buta cike da ruwa ka miƙe hannu: minti ɗaya ba komai ba ne, amma a ce ka riƙe ta haka daga hantsi zuwa Azahar, kafaɗa za ta gaya maka. Shi ya sa da safe kake lafiya lau, sai rana ta take sannan goshi ya fara nauyi.

Ka duba nan. Kwamfuta tana cin lamba ɗaya da rabi, wannan yana cikin abin da idonka zai jure. Amma mai buga takardu ba kwamfuta kaɗai yake kallo ba. Rubutun hannun ɗalibi da kake kwafa yana kan tebur a santimita 35 ko 40, wani da jan biro, wani da fensir da ya dushe, wannan lamba biyu da rabi ne zuwa uku. Wayar da ake turo maka aiki ta cikinta, lamba uku. Duk biyun sun haura rabin ajiyarka. Kuma akwai wani abu da ba za ka sani ba sai an auna: mutane da yawa an haife su da ido mai buƙatar ƙarin lamba ko da nesa suke kallo, amma ƙuruciya ta rufe musu, tsokar tana biya a ɓoye, suna karanta allon mota tun daga nesa suna cewa idonsu garau. In kana da irin wannan ko da lamba ɗaya ce, sai ka ƙara ta a kan kowane lissafi: kwamfuta ta zama biyu da rabi, waya ta zama huɗu, wato duk abin da ka mallaka. Irin waɗannan su ne suke fara ciwon kai tun kafin su cika arba'in.

To, ka ga buƙatar gilashi da ka ji gaskiya ce. Inda aka kuskure shi ne lambar. Gilashi mai alamar tarawa yana ɗauke wa tsokar aiki, amma yana da iyakar inda yake gani, kuma lissafin ɗaya ne: 100 a raba da lambar. Gilashin +2.50 a idon da ba shi da wata matsala ta nesa yana fito da abu tar daga santimita 40 zuwa ƙasa. Duk abin da ya wuce nan, hazo ne. Takardar da ke kan tebur ta fito, waya ta fito, shi ya sa ka ce rubutu ya ƙara fitowa. Amma kwamfutarka tana can santimita 60 ko 70. Me jiki zai yi? Ba tare da ka lura ba, ka turo wuya gaba, ka ɗaga haɓa, ka ƙanƙance ido, kana neman shiga cikin santimita arba'in ɗin nan. Wuni guda a haka, tsokokin ƙeya da na kafaɗa sun ɗaure, ciwo ya hau daga baya ya haɗu da na goshi. Ka sa wani a shagon ya ɗauki hotonka daga gefe ba ka sani ba, bayan kamar awa ɗaya da sa gilashin. Ina kyautata zaton za ka ga kanka kamar mai leƙen taga. +2.50 lamba ce da muke kaiwa ga mutumin da ya doshi shekara 55 zuwa 60, kuma don karatun littafi, ba don kwamfuta ba.

Gilashin kasuwa yana da wasu iyakoki uku da ba su da alaƙa da tsadarsa ko arahansa. Lamba ɗaya ce a ido biyu, alhali mutane da yawa idon dama da na hagu ba daidai suke ba. Ba ya gyara karkatar gaban ido, wato idon da lanƙwasarsa ta fi yawa ta wani ɓangare, wanda ke sa haruffa su yi inuwa, 3 ta yi kama da 8. Sannan tsakiyar kowane madubi an sa ta ne a tazara guda ta kowa da kowa, ba a auna tazarar ƙwayoyin idonka ba. A ƙaramar lamba wannan ba ya damun mutum sosai, amma iya girman lamba iya yadda ɗan gocewa ke jan idanu gefe, su wuni suna kokawar haɗa hoto ɗaya. Ban haramta gilashin kasuwa ba. Dattijon da idanunsa biyu daidai suke, an duba shi an ga lafiya, yana son ya karanta Alƙur'ani na rabin awa bayan Asuba, zai yi masa amfani ƙwarai. Mai yin awa tara a gaban kwamfuta ne ba zai wadatar ba.

Bari in ba ka misalin da ya yi kama da naka, don ka ga yadda lambobin ke zama a zahiri. Wata baiwar Allah mai shekara 44, mai kula da kuɗi a wata makaranta, ta zo da irin kukanka, ita ma da +2.50 na kasuwa a jaka. Allon haruffa na nesa ta karanta shi kusan har ƙasa, ta ce ai ta gaya min idonta lafiya. Da aka auna, idon dama yana buƙatar +0.50, na hagu yana buƙatar wajen +1.50 tare da 'yar karkata. Na tambaye ta tazarar kwamfutarta, ta ce ba ta sani ba, na ce ta auna ta kira. Santimita 60. Yanzu ka duba abin da gilashin kasuwa yake yi mata. A idon dama, +0.50 ya tafi wurin biyan bashin nesa, saura 2.00, wato yana gani zuwa santimita 50 ne kawai, kwamfutar ta faɗa cikin hazo. A idon hagu, saura 1.00, yana gani har mita ɗaya, kwamfutar na ciki amma sai ya ɗan yi aiki. Kuma tsokokin idanu biyu tare suke ɗaurewa, tare suke sakewa, ba a iya umartar ɗaya a bar ɗaya. Duk yadda ta zauna, ido ɗaya yana gani ɗaya yana lalube.

Abin da aka rubuta mata shi ne a gyara kowane ido da lambarsa, sannan a ɗora ƙarin +1.00 saboda aikin kusa. Dama ya zama +1.50, hagu +2.50 da gyaran karkatarsa. Da wannan tana gani garau daga mita ɗaya zuwa ƙasa, kwamfuta tana cin ƙasa da lamba ɗaya daga ajiyarta, takardar rasit a santimita 35 tana cin ƙasa da biyu. Duka suna cikin abin da ido zai wuni da shi. Ka lura, a ido ɗaya lambar ba ta ma canza daga ta kasuwa ba, ɗayan ne aka rage wa lamba ɗaya cur. Da ta dawo bayan wata guda, nauyin goshin ya tafi. Raɗaɗi da jin yashi a ido ne suka rage, kuma wannan ba aikin gilashi ba ne.

Wannan raɗaɗin na bushewa ne. Mutum yana hira yana ƙifta ido wajen sau goma sha biyar zuwa ashirin a minti. In ya ƙura wa rubutu ido, ƙiftawar tana raguwa da rabi ko fiye, kuma da yawa daga wadda ta rage rabi-rabi ce, fatar sama ba ta sauka ta taɓa ta ƙasa. Ruwan da ke lulluɓe gaban ido sai ya bushe wuri-wuri, rubutu ya dushe, ka ƙifta ya dawo, ya sake dushewa. Wannan alama ce mai kyau ta rarrabewa: hazon da ke washewa da ƙiftawa na bushewa ne, wanda ba ya washewa sai ka matsar da takarda baya na lamba ne. A Kaduna daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana ninka abin, iska ba danshi, ga ƙura. In zafi ya shigo kuma sai fanka, wadda kusan kowane shago ake saita ta tana hura fuska kai tsaye. Ka juya ta ta riƙa dukan bayanka ko gefenka. In ido na hawaye da kansa kada ka ce ai ba bushewa ba ce, bushewar ce ke tsokano hawayen.

Sai maganar hutu, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali, don shi ne zai gaya mana ko ido ne ke kawo ciwon ko wani abu dabam. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce duk minti 20 ka kalli abin da ke nisan ƙafa 20, wato mita shida, na daƙiƙa 20. An zaɓi lambobin ne don sauƙin tunawa, ba wani sirri a cikinsu, kuma a ganina daƙiƙa 20 ta yi kaɗan ga wanda ya riga ya fara ciwo. Abin da ke da muhimmanci shi ne nisan. Daga kujerarka ka nemi abu guda a tsallaken titi, allon wani shago ko hasumiyar masallaci, ka kalle shi har sai ya fito tar, ka ci gaba da kallo kamar rabin minti, kana rufe ido ruf kana buɗewa a hankali sau biyar ko shida. In ka ɗago daga kwamfuta ka ga allon ya yi hazo na 'yan daƙiƙu kafin ya washe, tsokar ce ta ƙage, kuma shaida ce cewa ka daɗe ba ka sake ta ba. Ba sai ka sa ƙararrawa ba: ka ɗaura abin a kan aikinka, duk shafi biyu da ka gama, ko duk lokacin da firinta ke fitar da takarda. Bayan kowace awa kuma ka tashi tsaye na minti biyar, ka fita ƙofa, ka juya wuya, ka sha ruwa.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ce ya huta, alhali ya ture kwamfuta ne ya ɗauki waya. Ka koma kan lissafi: ya bar aikin lamba ɗaya da rabi ya koma na lamba uku. Wannan ƙarin kaya ne. Haka wanda ya fita sallar Azahar, alwala ta jiƙa masa ido, tafiya zuwa masallaci ta sake masa tsoka, amma yana sallamewa ya zaro waya a sahu. Daga ƙarfe tara na safe zuwa Azahar kuma awa huɗu ne ko fiye babu tsayawa, kuma a nan ciwonka yake haɗuwa, don haka hutun safe ya fi na yamma amfani. In ka jira sai goshi ya yi nauyi kafin ka huta, ka makara, ranar ta riga ta tafi.

Ga abin da nake so ka yi na mako biyu. Ka ajiye +2.50 ɗin nan gaba ɗaya lokacin aikin kwamfuta. Ka auna tazarar fuskarta daga idonka, ka sa ta tsakanin santimita 55 da 70, kusan tsawon hannu, bakinta na sama daidai da idonka ko ƙasa kaɗan, don kallon ƙasa-ƙasa yana rage buɗewar ido, ruwansa ya fi daɗewa. In laftof ce a kan ƙaramin tebur, ka ɗora ta a kan bandir ɗin takarda biyu ka nemi kibod na dabam. Ka ƙara girman rubutu, 130 ko 150 cikin ɗari, maimakon ka matso. Takardar da kake kwafa ka jingine ta tsaye kusa da fuskar kwamfutar, a tazara ɗaya, don ido ya daina hawa da sauka tsakanin nisa biyu. Ka duba ƙofar shago: in tana bayanka, hasken titi yana faɗowa kan fuskar kwamfutar yana dusar da rubutu, in tana gabanka, kana kallon rubutu a tsakiyar farin rana. Ta kasance a gefe. Da dare kuma, in an ɗauke wuta, kada ka kwanta cikin duhu da waya a hanci. Ka kunna fitila, ka rage hasken wayar, ka riƙe ta a santimita 40.

Kowace rana ka rubuta a bayan wata takarda ƙarfe nawa ciwon ya fara, a ina yake, da ko ka sha magani. Ka rubuta har ranar da ba ka buɗe shago ba, don ita ce ta fi ba da labari. Ciwon kan gajiyar ido yana da hali sananne: ba ka tashi da shi daga barci, yana taruwa da aiki, nauyi ne a goshi da kewayen ido ko gefen kai biyu, ba sara ba, yana sauka in ka huta, kuma ranar da ba aiki ba ya zuwa ko ya zo kaɗan. In bayan mako biyu ya ragu sosai, hutu da zama su ne rabin maganin. In ya ja baya zuwa La'asar amma bai tafi ba, ko kuma kana miƙa hannu da waya kafin ka karanta saƙo, lamba ce, kuma hutu ba ya maye gurbin lamba. In bai ko motsa ba, har ranar hutu yana nan, to mu daina ɗora wa ido laifi. Mafi yawan ciwon kai a duniya ba daga ido yake ba, kuma na sha ganin wanda ya canza gilashi uku alhali hawan jini ne, ko rashin barci, ko wuni ba ci ba sha.

Ko da gwajin ya yi kyau, a shekarunka ka je a duba idon, kuma ka je da shiri. Ka tafi da lambobi biyu a rubuce: tazarar kwamfutarka da tazarar da kake riƙe waya. Ka tafi da gilashin kasuwar. Ka ce wa mai awo aikinka kwamfuta ne, don in ba ka faɗa ba, za a auna maka na karatu a santimita 40, ka koma gidan jiya. Injin da ake sa haɓa a kai ya fitar da 'yar takarda mafari ne kawai. Dole a biyo da gwajin madubai ɗaya bayan ɗaya, ido ɗaya-ɗaya sannan biyu tare, don injin yakan ruɗu da tsokar da ta ƙage ya ba da lambar ragewa ga wanda ba ya buƙatarta, kuma wannan yana ƙara ciwon kai ne. Wani lokaci, musamman ga matasa, sai an ɗiga maganin da ke sake tsokar kafin lambar gaskiya ta fito. A duba yadda idanunka ke haɗuwa in abu ya matso: ana kawo bakin biro a hankali zuwa hanci, in ya rabu biyu tun yana nesa da santimita goma, wannan matsala ce dabam, kuma motsa ido ake koya wa mai ita. A auna tazarar ƙwayoyin ido. Kafin ka tashi, a sa maka lambar a firam ɗin gwaji ka karanta wani abu a tazarar kwamfutarka na wasu mintuna. In kana da ciwon suga, ka bari ya daidaita kafin awo, don hawansa da saukarsa suna canza lamba.

Abu mafi girma da mai sayen gilashi a kasuwa yake rasawa shi ne awon hawan jinin ido da duba jijiyar gani. Gilakoma, cutar da ke lalata jijiyar gani, galibi saboda hawan jinin ido, ta yi yawa a cikinmu, tana yawan farawa bayan arba'in, irin wadda ta fi yawa ba ta ciwo ba ta ja, kuma ganin da ta cinye ba ya dawowa. Ba ita nake zargi da ciwon kanka ba, amma wannan ce damar kama ta. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan cikin garin Kaduna, wadda mutane ke tasowa daga wasu jihohi domin ta, akwai kuma sashen ido a asibitin koyarwa na Barau Dikko, ban da asibitocin ido masu zaman kansu. A auna maka hawan jini na jiki ma a ranar.

Wajen zaɓen gilashin, ga ra'ayina. Ga mai aikinka na fi son gilashi mai lamba ɗaya da aka yanka don tazarar tebur, ka bar shi a shago, ka cire in za ka hau babur ko tuƙi, don nesa hazo zai yi. Mai hawa biyu, wanda ke da ɗan yanki a ƙasa, an yi yankin ne don littafi a cinya, kuma in ka kalli kwamfuta da shi sai ka ɗaga haɓa, ciwon ƙeya ya dawo. Mai hawa-hawa marar layi yana aiki in an auna shi da kyau, amma wurin da ke ganin kwamfuta a cikinsa siriri ne, ga tsada. Shafin da ke rage ƙyalli yana da ɗan amfani a shago mai fitilu. Shi kuwa mai tare shuɗin haske, a 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kansa, ba ta ga yana rage gajiyar ido fiye da gilashi na yau da kullum ba. Ba ya cutarwa, amma in kuɗi ya yi kaɗan, ka kashe su a kan awo mai kyau. Mai yin duhu a rana shi ma na waje ne, ba abin da yake yi a cikin shago.

Za ka ji ana cewa gilashi yana ƙara kashe ido, wanda ya fara ba ya dainawa. Abin da ke faruwa shi ne madubin cikin ido yana ci gaba da tauri ko ka sa ko ba ka sa ba, don haka lambar za ta riƙa hawa duk bayan shekara biyu ko uku har ta tsaya wajen shekara sittin. Sabon gilashi, musamman mai gyaran karkata, yana iya sa ƙasa ta yi kamar ta ɗan gangara na 'yan kwanaki. In mako biyu ya wuce kana ciwo da shi, ka mayar a sake duba lambar da yankan, kada ka daure.

Magunguna biyu nake ja maka kunne a kai. Na farko maganin ɗigawa na kemis da ake ba wa duk wanda ya ce idonsa na ja ko ƙaiƙayi. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid, irin su dekzametason da betametason. Suna sanyaya ido nan take, shi ya sa ake son su, amma in aka daɗe a kansu suna tayar da hawan jinin ido, suna kawo yana. Abin da ya dace da bushewa shi ne ruwan ɗigawa mai kwaikwayon hawaye, har sau huɗu a rana. In kana buƙatar fiye da haka, a ba ka marar sinadarin adanawa. Na biyu ƙwayar ciwon kai. Farasitamol ranar da abin ya matsa ba laifi, amma wanda ke shan sa kwana goma sha biyar ko fiye a wata, ko kwana goma in irin mai haɗe da sinadarin kafeyin ne, har wata uku, maganin da kansa yana koma ya zama mai kawo ciwon. Wata biyar kana fama kullum, don haka ka ƙirga kwanakin da kake sha ka gaya wa likita.

Akwai kuma alamun da ba a yi musu gwajin mako biyu. Ciwon kan da ya sauko farat ɗaya da tsananin da ba ka taɓa ji ba, wanda ke tashe ka daga barci ko kake wayar gari da shi da amai, ganin abu biyu-biyu, ɗaukewar gani ko da na minti ɗaya ne, nauyin hannu ko baki ko harshe, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, duk waɗannan asibiti ne a ranar. Haka ido ɗaya da ya yi ja yana ciwo mai tsanani, gani ya dushe, kana ganin bakan gizo kewaye da fitila: wannan hawan jinin ido ne na gaggawa, kuma sa'o'i ake ƙirgawa, ko da tsakar dare ne ka tafi.